Yadda soyayyar fulawa take sa bashamel kauri, da abin da ke kawo gudaji

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni a Jidda nake zaune. Na so in yi makaroni da bashamel, farar miyar nan ta madara mai kauri, don buɗa-baki, sai na ga a waya an rubuta wai a fara haɗa `roux`. Na soya fulawa cokali 3 a bota, na juye madara lita 1, abu ya ƙi kauri. Da na barbaɗa wata fulawar kuma sai gudaji ya cika tukunya. Mene ne wannan abu, kuma ina na kuskure?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kalmar ta Faransanci ce, kuma "ru" ake faɗi, harafin ƙarshen ba a furta shi. Asalin ma'anarta launi ne, ja mai ratsin ƙasa-ƙasa, irin launin da bota take yi idan ta soyu. A kicin kuwa abin da ake nufi da ru shi ne fulawa da mai, nauyinsu ɗaya, a soya su tare kafin a zuba musu ruwa ko madara ko romo. Ke nan kin riga kin yi shi da hannunki, suna ne kawai ya zo miki baƙo. Matan Masar da suka yaɗa wannan girki a Hijaz yawancinsu ba sa kiran sa da wani suna, cewa kawai suke a soya dagig a samin, wato fulawa a soyayyen man shanu.

Na yi shekaru ina girkin biki da na alhazai tsakanin Makka da Jidda, kuma duk yarinyar da aka kawo min koyon aiki, idan muka zo kan bashamel sai in fara tambayar ta ko ta iya dama koko. Idan ta iya, rabin karatun ya ƙare. Ki tuna yadda ake yi: gasara a kwano, a dama ta da ruwan sanyi har ta saki, sannan a sheƙa mata tafasasshen ruwa, nan take ta kumbura ta yi kauri. Idan ruwan bai tafasa sosai ba, koko ya tsinke, sai dai a mayar wuta. Idan kuma aka zuba ruwan zafin a kan gasarar da ba a dama ba, gudaji ne zai biyo baya. Abin da yake faruwa a kwanon koko shi ne yake faruwa a tukunyar bashamel. Bambancin kawai, aikin da ruwan sanyi yake yi wa gasara, mai ne yake yi wa fulawa.

Abin da yake kawo kauri sitaci ne. Fulawar alkama kusan kashi 70 cikin 100 nata sitaci ne, kuma yana zaune a cikinta ne a matsayin 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace a dunƙule tamau. A ruwan sanyi ba sa yin komai, shi ya sa idan kika dama fulawa da ruwa kika ajiye sai ta kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama. Amma da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin salshiyas, sai ƙwayoyin su fara shan ruwa suna kumbura. Yana ƙaruwa suna ƙara girma har su ninka kansu sau da yawa, su cika tukunya suna gogar juna, wasunsu kuma su saki wasu dogayen zarurruka na sitaci a cikin ruwan. Zarurrukan nan su ne suke sarƙewa su riƙe ruwa ya kasa gudu yadda ya saba. Wannan shi ne kaurin. Kuma ba ya kammala sai an kusa tafasa, sama da digiri 85 zuwa 90. Saboda haka duk wadda ta leƙa tukunya madara tana ɗumi-ɗumi ta ce "bai yi kauri ba", ta yanke hukunci tun ba a gama shari'a ba. Sai kin ga ya fara ɓul-ɓul a hankali sannan za ki san iyakar ƙarfin fulawar da kika sa.

Shi kuwa gudaji, in kina son ki gane shi, ki tsamo guda ɗaya a cokali ki fasa shi da yatsa. Bayansa santsi ne, dafaffe, cikinsa kuwa busasshiyar fulawa ce fara fat, kamar yanzu aka ɗebo ta daga buhu. Da fulawar ta faɗa ruwan zafi a dunƙule, ƙwayoyin da suke waje su ne suka fara kumbura, suka manne da juna suka zama kamar fata, suka hana ruwa shiga ciki. Ko awa ɗaya za ki yi kina dafawa, na cikin nan ba zai jiƙa ba. Asara biyu ke nan, ga gudaji a baki, ga fulawar da aka kulle a ciki ba ta ba da kaurin da aka sa ta dominsa ba.

Aikin mai a nan yake. Idan kika soya fulawa a bota, man yana shiga tsakanin ƙwayoyin ya lulluɓe su ya raba su da juna. Lokacin da madara ta zo, kowace ƙwaya ita kaɗai take haɗuwa da ruwa, ta kumbura a sarari ba tare da ta kulle 'yar'uwarta ba. Man da kansa ba ya ƙara kauri ko kaɗan. Mutane da yawa suna zaton yawan bota ne yake sa bashamel ya kama jikinsa, sai su yi ta lafta ta, ƙarshe mai ya taso yana yawo a saman tire. Suyar kuma tana da amfani na biyu, tana kashe ƙarnin ɗanyar fulawa, wannan ɗanɗanon da yake manne wa mutum a dasashi kamar ya lashi ƙullin fanke.

Yanzu mu zo kan awo, domin a nan tukunyarki ta fara samun matsala tun kafin gudaji. Cokalin cin abinci ɗaya na fulawa, idan an shafe kansa, giram 8 ne ko kusa da haka. Cokali 3 bai wuce giram 25 ba. Giram 25 zuwa 35 a lita guda awon shurba ne, irin wadda ake kurɓa da cokali. Ko da kin bi kowace ƙa'ida, abin da za ki samu ke nan. Miyar da za a kwarara a kan kaza ko kayan lambu tana son giram 50 zuwa 60 a lita. Bashamel na tire kuwa, wanda ake so a yanka shi da wuƙa ya tsaya bai zube ba, yana son giram 75 zuwa 85 a kowace lita. Kin ga fulawarki ba ta kai ko sulusin abin da ake bukata ba.

Akwai wani ruɗani da awon cokali yake kawowa. Ana cewa nauyi ɗaya, amma cokalin bota ya fi cokalin fulawa nauyi, yana kai giram 14. Idan kika yi cokali da cokali, botar ta kusa ninka fulawar. Ba laifi ba ne a ƙaramar tukunya, hasali ma yana sauƙaƙa wa mai koyo juyawa, amma a babban girki mai yana yin yawa. Ni dai shawarata, ki sayi ɗan ƙaramin sikelin kicin. Idan babu, ki riƙe cewa kofin awo mai cin mililita 240, cike da fulawa ba a danna ba, giram 120 ne ko ɗan sama da haka.

Bari in bi da ke tire guda daga farko zuwa ƙarshe, irin wanda zai ishi gida mai mutum 6 zuwa 8. Makaroni rabin kilo, madara lita 1 da rabi, fulawa giram 120, wato kofi guda, bota giram 120. Idan samin za ki yi amfani da shi, giram 100 ya isa, domin ita bota kusan kashi 82 cikin 100 ne mai, sauran ruwa ne da ɗan abin da ya rage na madara, shi kuwa samin kusan duka mai ne, daidai da soyayyen man shanunmu na gida. Man girki na jarka ma yana yi, sai dai ba shi da ƙamshi. Fulawar kuma ki ɗauki fara, wadda aka rubuta wa dagig fakhir a jikin leda. Dagig bur yana da dusa, zai ba ki bashamel mai duhu da tsakuwa-tsakuwa a harshe, ƙarfinsa kuma bai kai na farar ba.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa a ƙasar nan. Bamisiriya idan ta ce laban, madara take nufi, haka ma 'yan'uwanmu na Sudan. Amma idan kika shiga bagala, wato kantin unguwa, a Jidda kika ce a ba ki laban, mai tsami za a miƙo miki, ɗan'uwan nono. Shi kuwa yana jin wuta zai tsinke ya yi ɓarɓashi kamar ana shirin yin awara. Halib za ki nema, shi ne sunan madara a nan, mai cikakken maiƙo. Ta gari ma tana yi idan kin dama ta yadda aka rubuta a gwangwani.

Ki sami tukunya mai kaurin gindi. Wannan ba ƙawa ba ce, siririn gindi yana tara zafi wuri guda, madara da fulawa kuma ba sa yafiya. Ki ɗumama madarar a wata tukunya daban, ta yi zafin da za ki iya tsoma yatsa ki cire, ba sai ta tafasa ba. Ki narka botar a wuta matsakaiciya. Za ta yi kumfa, wannan ruwan cikinta ne yake fita. Kafin ta fara canja launi sai ki juye fulawar gaba ɗaya ki kama juyawa da muciya ƙarama ko cokalin katako. Da farko za ta haɗe kamar ƙullin cincin, bayan minti guda sai ta saki ta zama kamar jiƙaƙƙen yashi tana 'yan ƙananan kumfa. Ki kai hancinki kusa. Da fari ƙamshin ɗanyen ƙulli za ki ji, can sai ya juye ya koma kamar an buɗe kwalin biskit. Minti 2 zuwa 3 ke nan, kuma a nan za ki tsaya, launinta bai wuce na madarar gwangwani ba. Wannan shi ne farin ru.

Sai ki sauke tukunyar daga wuta, ki ajiye muciya ki ɗauki abin kaɗa ƙwai na waya. Maburgi ma yana yi, na yi aiki da shi shekaru kafin in saba da na waya, sai dai ba ya shiga lungun tukunya sosai. Ki zuba madara ludayi guda ki kaɗa da ƙarfi. Abin da zai faru a nan yana tsorata masu koyo: maimakon ya yi ruwa, sai ya ƙara tauri, ya dunƙule ya bar jikin tukunya kamar tuwon da aka gama tuƙawa. Kada gabanki ya faɗi. Fulawar duka ce ta sha ɗan ruwan da aka ba ta, ta kumbura a matse. Ki ci gaba da kaɗawa har ya zama sumul, sannan ki ƙara ludayi na biyu. Kada ki ƙara wani sai wanda kika zuba ya shige gaba ɗaya. Daga tuwo zai koma kamar talge, daga talge ya koma kamar kunu mai kauri. Da ya kai nan, wajen sulusin madarar ke nan, hatsari ya wuce, sai ki juye sauran a zubi biyu ki mayar wuta.

Masu girki suna da saɓani a kan zafin madarar. Wasu sun ce ru mai zafi sai madara mai sanyi, a juye ta gaba ɗaya, domin sanyin yana ba ki lokaci ki watsa fulawar kafin ta fara kumbura. Gaskiya ne yana yi, kuma na sha yin haka idan ina sauri. Illarsa, za ki daɗe a tsaye kina juyawa kafin lita 1 da rabi ta ɗauki zafi, kuma a wannan jiran ne fulawa take kwantawa a gindi ta kama. Abin da ba na so shi ne tafasasshiyar madara a kan ru mai ƙuna a kan wuta, domin kafin hannunki ya zagaya sau biyu wani gefen ya riga ya dahu. Madara mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, tukunya a ƙasa, wannan ita ce hanyar da ban taɓa ganin ta kunyata mai koyo ba.

Bayan kin mayar wuta, abin zai koma tsararo kamar ba a sa masa komai ba. Nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara fulawa. Ki daure. Ki yi ta juyawa kina kankaro gindi da lungunan tukunya, wajen minti 5 zuwa 8. Za ki fara jin hannunki yana nauyi, sawun abin kaɗawar ya fara tsayawa a sama kafin ya rufe, sannan kumfa manya su riƙa fashewa ɗaya-ɗaya. Sai ki rage wuta can ƙasa ki bar shi minti 8 zuwa 10 kina juyawa a kai a kai, don sauran ɗanɗanon fulawa ya fita. A nan za ki sa gishiri da farin masoro, da dunƙulen ɗanɗano idan kina so. Wasu matan Hijaz suna narka ƙwayar mistika, wani ƙaro mai ƙamshi, ɗaya ko biyu a cikin samin tun farko, kamar yadda suke yi wa salig, shinkafarsu da ake dafawa da madara, kuma yana daɗi ƙwarai idan ba a cika ba.

Gwajin da nake yi shi ne in tsoma cokali in juya bayansa, in ja layi da yatsa. Idan layin ya tsaya fes bai rufe ba, ya yi. Na tire kuma idan kin ɗaga cokali ya kamata ya sauko a hankali yana ninkewa a kan kansa, kada ya zuba kamar shayi, kada kuma ya faɗo a dunƙule. Ki tuna zai ƙara kauri sosai idan ya huce, domin zarurrukan sitacin nan suna ƙara kama juna a sanyi, kamar yadda kunun safe yake zama abin yankawa da rana. Ga makaroni ma zai tsotsi nasa rabon a cikin tanda. Don haka ki sauke shi yana ɗan ƙasa da kaurin da kike so a faranti. Ki gauraya sulusinsa da makaronin, ki shimfiɗa rabi, ki sa naman da kika dafa, ki rufe da sauran makaroni, ki malala ragowar bashamel a sama. Idan ya fito daga tanda ki ba shi minti 20 ko 30 kafin ki sa wuƙa. Wanda aka yanka da zafinsa dole ya zube ko da awonsa daidai ne, shi ya sa a azumi nake fitar da nawa tun da sauran lokaci kafin kiran magariba.

Idan ba nan take za ki yi amfani da shi ba, samansa zai bushe ya yi fata, fatar nan kuma idan aka juya ta ciki wani sabon gudaji ce. Ki shimfiɗa leda ta girki ta kwanta a kan fuskarsa, ko ki goga 'yar bota a saman.

To idan ɓarna ta riga ta faru fa? Gudaji ba ya sa a zubar da tukunya. Ki tace a rariya mai ƙananan ido kina dannawa da bayan ludayi, ko ki zuba a blanda ki ba shi 'yan daƙiƙu, ki mayar wuta. Idan kuma tsararo ya yi bayan ya tafasa, hanya biyu ce. Ta farko, ki yi wani ɗan ru a ƙaramin kasko, ki ɗebo bashamel ɗin ludayi-ludayi kina sakin sa da shi, sannan ki juye a babbar tukunya. A lita guda mai giram 25, abin da ya rage miki giram 50 ne na fulawa da 50 na bota, wato fulawa cokali 6 da bota cokali 3 da rabi. Ta biyu ta fi sauri: ki murje bota mai laushi da ɗanyar fulawa, nauyi ɗaya, har su zama ƙulli, ki riƙa gutsura kamar girman gyaɗa kina jefawa kina kaɗawa. Botar tana narkewa tana sakin fulawar a hankali. Sai dai ki ba shi 'yan mintuna ya dahu tunda fulawar ba ta ga suya ba. Wanda ya yi kauri da yawa kuwa, madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan ita ce maganinsa.

Ƙonewa ce kaɗai ba ta da gyara sosai. Wata shekara a lokacin aikin hajji, a wani kicin da na yi aiki, muna da bashamel na lita 20 a wuta, aka kira ni waje, na bar wa wani yaro juyawa. Shi kuma saman kawai yake shafawa, muciyar ba ta kai gindi. Da na dawo na ji ƙauri, kafin in buɗe baki ya sa ƙarfi ya kankaro gindin don ya nuna min yana aiki. Baƙin nan ya watsu ko'ina, tukunya guda ta tafi. Da bai kankara ba, da mun juye na saman a wata tukunya mun tsira da mafi yawansa. Don haka in kin ji muciya tana karo da wani abu mai kauri a ƙasa, ko hancinki ya jiyo ƙauri, kada ki kankara, ki juye abin da ya zubo da kansa ki bar sauran.

Za ki kuma ci karo da girkin da aka ce a soya ru har ya yi launin zuma ko na kunun gyaɗa da ya sha wuta, ko ma ya yi duhu kamar gahawa. Mai launin zuma minti 5 zuwa 8 yake ɗauka, ana yin sa don miyar romon kaza ko kifi. Mai duhu yana cin minti 20 har zuwa 45 a wuta kaɗan, hannu bai tsaya ba, kuma shi ake sa wa miyar nama. Mutanen Luwiziyana ta Amurka sun shahara da shi a miyarsu ta gambo, wadda sau da yawa har kuɓewa suke sa mata. Abin da ya kamata ki sani shi ne, duk yadda ru ya ƙara duhu, ƙamshinsa yana ƙaruwa amma ƙarfinsa yana raguwa, domin zafin suya yana gutsuttsura dogayen zarurrukan sitacin su zama gajeru, gajere kuma ba ya riƙe ruwa kamar dogo. Mai duhu sosai yana iya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye, sai an ƙara yawansa. Wannan ma dalili ne da yake sa bashamel ɗin wasu ya ƙi kauri: sun bar fulawar ta yi ja suna ganin hakan ne dahuwa. Idan mai duhun za ki yi, ki yi da samin ko man girki, bota tana saurin ƙonewa. Da kin ga baƙaƙen ɗigo a ciki, ya ƙone, ɗaci zai yi, ki sake sabo. Ki kuma kiyayi hannunki, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma idan ya fallatsa manne wa fata yake.

Akwai abubuwan da suke tsinka kaurin bayan ya samu. Tsami yana yanka sitaci idan aka daɗe ana tafasa su tare, saboda haka lemon tsami ko khal a ƙarshe ake sa su, a miyar romo ke nan, a ta madara kuwa gara a bar su. Za ki ce ai kunun tsamiya yana kauri. Yana yi, domin ba a barin sa ya yi ta tafasa a wuta bayan an dama. Sai kuma yawu. Akwai wani sinadari a yawun mutum da aikinsa shi ne narka sitaci, shi ya sa kunun da yaro ya sha ya rage yake tsinkewa kafin a jima. Idan bashamel ya sauka yana hucewa kika ɗanɗana kika mayar da cokalin, kina iya dawowa ki tarar ya saki ruwa. A azumi dai an huta da wannan, amma ki riƙe shi don sauran watanni. Cuku kuma, idan za ki sa, sai kin sauke tukunya, domin tafasa tana sa shi ya fitar da mai ya yi tsiri-tsiri.

Kada ki haɗa wannan kaurin da na kuka ko busasshiyar kuɓewa, wadda 'yan Sudan suke kira waika suke kaɗa miyarsu ta mulah da ita. Su yauƙi suke bayarwa, ba sitaci ne yake aiki a cikinsu ba, shi ya sa ake barbaɗa su kai tsaye ana burgawa. Wataƙila ma hannunki ya saba da kaɗa kuka ne ya sa kika yi wa fulawa haka. Nasha kuwa, wato farin sitacin masara da ake yin muhallabiyya da shi, sitaci ne zalla, ƙarfinsa ya kusa ninka na fulawa. Ba a soya shi, damawa ake yi da ruwan sanyi kamar gasara a zuba a ƙarshe. Yana ceton miya cikin minti guda, kuma shi ne mafita ga wanda alkama ba ta karɓe shi ba. Amma kaurinsa mai sheƙi ne kamar kasta, yana kuma saki idan ya daɗe a wuta. A tiren makaroni ban cika son sa ba, yana sa saman ya yi santsi yana rawa maimakon ya yi laushi.

Tunda azumi ne kuma za ki maimaita girkin, ki soya ru mai yawa rana guda, fulawa giram 250 da bota 250, ki bar shi ya huce ki sa a roba mai murfi a firij, zai yi miki mako biyu lafiya. Idan kin tashi aiki sai a juya ƙa'idar: madarar ce za ta yi zafi, shi kuma ru ɗin da sanyinsa za ki gutsura kina jefawa kina kaɗawa. Giram 160 na wannan haɗin a kowace lita don tire, giram 60 don shurba. Allah ya karɓi ibada, a sha ruwa lafiya.